Da an yi gulmarsa, da ba mu shiga ba

Akwai wani abokin aikinmu da ya ci bashin mutum biyar a ofis ɗaya cikin wata takwas, bai biya ko ɗaya ba. Ni ne na huɗu. Ya same ni a keɓe, ya ce yaronsa ba lafiya, ƙarshen wata zai maido min. Na ba shi kusan sulusin albashina, na kuma yi shiru, domin a ganina rufin asiri nake yi masa. Ashe na farko da na biyu da na uku duk irin wannan shirun suka yi, kowa yana ganin shi kaɗai ne aka roƙa.

Ta biyar ce ta fasa ƙwai. Wata rana muna zaune ta ce, "Wai don Allah akwai wanda ya taɓa ba wane rance ya dawo masa da shi?" Sai muka fara kallon juna. Kafin minti goma kowa ya faɗi nasa, har da ranar da aka karɓa da uzurin da aka kawo. Yaron nan dai ya yi rashin lafiya sau uku, mota ta lalace sau biyu.

Abin da ya ɓata min rai ya zo ne bayan haka. Wani dattijo a cikinmu, mutumin kirki, ya juya wajenta ya ce, "'Yata, ki bar wannan magana, gulma ce. Mutumin nan ba ya nan." Ta ce, "Baba, da wani ya yi min wannan gulmar wata biyu da suka wuce, da kuɗina suna hannuna." Bai ce komai ba, amma a fuskarsa na ga ita ce mai laifi, shi kuwa wanda ya kwashe mana kuɗi an ma manta da shi.

Tun ranar nake juya abin a raina. Ra'ayina shi ne: maganar wanda ba ya nan tana cikin abubuwan da ke riƙe kowace ƙungiya ta mutane, kuma jama'ar da ta daina yin ta gaba ɗaya ta buɗe wa macuta ƙofa. Na san akwai masu ja da wannan, kuma wasu hujjojinsu masu ƙarfi ne. Zan bi su ɗaya bayan ɗaya.

Me muke faɗa a bayan idon mutane?

Da zarar an ce gulma, abin da ke zuwa zuciya shi ne mutum biyu sun haɗa kai suna cin naman wani. Amma idan aka auna duk maganar da muke yi game da wanda ba ya wurin, cin nama ɗan yanki ne.

A 2019 Megan Robbins da Alexander Karan na jami'ar Kalifoniya da ke Riverside sun fitar da wani bincike a kan mutum 467. An ba kowa 'yar na'urar da ke ɗaukar guntayen sautin hirarsa a cikin yini, sannan aka zauna aka saurara. Sun samu cewa mutum yana shafe kimanin minti 52 a rana yana maganar wanda ba ya nan. Kusan kashi uku cikin huɗu na wannan magana babu yabo babu suka a cikinta: wane ya tashi daga gidan da yake, wance ta haihu, an yi wa wane canjin wurin aiki. A abin da ya rage, suka ta fi yabo yawa, wannan gaskiya ne. Mata sun ɗan fi maza yawan maganar, amma a ɓangaren labarin da ba suka ne ba. Maza masu cewa gulma aikin mata ce sai su nemi wata hujjar.

Wato mafi yawan abin da muke yi sabunta labari ne. Kana son sanin wanda ke fushi da wa, wanda ya samu, wanda ya rasa, don kada gobe ka je ka yi wa mai makoki barkwanci. Babu mai iya ganin komai da idonsa. Abin da ka sani game da yawancin mutanen da kake hulɗa da su, ji ka yi.

Robin Dunbar, wani masani ɗan Birtaniya, ya ɗauki abin daga nesa a littafin da ya fitar a 1996. Ya lura cewa birai suna ƙulla zumunci ne ta hanyar zama suna tsintar wa juna datti da ƙwari a gashi, har wasunsu, kamar birai gelada na tsaunukan Habasha, kan kashe kusan kashi 20 cikin ɗari na yininsu a wannan aiki. Matsalar ita ce biri ɗaya yake iya yi wa a lokaci guda. Mutum kuwa, a lissafin Dunbar, yana riƙe alaƙa da kimanin mutum 150, kuma da tsintar gashi zai yi musu, da ba shi da lokacin neman abinci. Magana ce ta maye gurbin: kana yi da mutum uku a lokaci ɗaya, hannunka yana wani aikin, kuma kana jin labarin waɗanda ba ka gani ba. Masana suna jayayya a kan lambar 150 ɗin, da kuma ko wannan ne ainihin asalin harshe. Ni abin da na ɗauka a ciki kaɗan ne: wanda ya jawo ka gefe ya ce "bari in faɗa maka wani abu" yana nuna maka cewa ya yarda da kai, kuma wannan yarda ita kanta rabin amfanin hirar ce.

Lissafin da ke sa mai cuta ya ji tsoro

Ga inda na fi son in tsaya, domin a nan ne ake ganin yadda abin ke aiki.

A ɗauka mutum huɗu ne, kowa an ba shi maki goma. Akwai asusun haɗaka a tsakiya. Duk abin da aka zuba a ciki za a ninka shi biyu, a raba wa mutum huɗun daidai, da wanda ya zuba da wanda bai zuba ba.

Idan kowa ya zuba gomarsa, asusu ya zama 40, an ninka ya zama 80, kowa ya tashi da 20. Kowa ya ci riba.

To sai ɗaya ya yi wayo ya riƙe tasa. Uku sun zuba 30, an ninka 60, kowa ya samu 15. Masu gaskiya sun tashi da 15, shi kuwa yana da 15 ɗin da kuma gomar da ya ɓoye, 25 ke nan. A zagaye na gaba masu gaskiyar nan sun ji zafi, sai su rage abin da suke zubawa. A hankali kowa ya riƙe nasa, a koma goma-goma, rabin abin da za a samu da an yarda da juna. Masu nazarin wannan wasa sun daɗe suna ganin haka: idan babu hanyar hukunta mai wayo, gudummawa tana raguwa zagaye bayan zagaye.

A 2014 Matthew Feinberg da Robb Willer da Michael Schultz sun gwada irin wannan wasa da mutum 216, a rukunin mutum huɗu-huɗu, ana sauya abokan wasa bayan kowane zagaye. Sauya abokai ɗin nan shi ne gatan macuci, domin kullum sabbin mutane yake samu da ba su san halinsa ba. Daidai abin da abokin aikinmu ya yi ke nan: bai taɓa komawa wajen mutum ɗaya sau biyu ba.

Sai masu binciken suka ƙara abu biyu. Na farko, bayan zagaye kana iya rubuta 'yar takarda game da ɗaya daga cikin waɗanda kuka yi wasa, a kai wa waɗanda za su yi wasa da shi a gaba. Na biyu, waɗanda suka karanta takardar suna iya jefa ƙuri'a su fitar da mutum daga zagayensu. Da aka haɗa waɗannan biyun, gudummawa ta riƙa hawa maimakon sauka. Abin da ya fi burge ni shi ne waɗanda aka fitar ɗin: da suka dawo, sai suka ƙara abin da suke zubawa. Ba a kore su har abada ba, an nuna musu cewa labarinsu yana riga su isa, sai suka gyara.

A nan ƙarfin gulma yake. Yawancin aikinta tana yin sa tun kafin a buɗe baki. Mutum ya san idan ya ci amana za a ji, sai ya fasa ci. Sau nawa ka mayar da abin aro a kan lokaci don kawai kada a ce ba ka mayarwa? Kada ka ce ko sau ɗaya, ba zan yarda ba.

Kuma abin bai tsaya a ɗakin gwaji ba. Robert Ellickson, malamin shari'a a Amurka, ya je gundumar Shasta a Kalifoniya ya zauna da makiyaya da manoma don ya ga yadda suke warware rikicin shanun da suka shiga gonar maƙwabci. Ya fitar da littafinsa a 1991. Ya samu cewa da wuya su je kotu, da yawansu ma ba su san abin da doka ta ce daidai ba. Matakin farko, a kira mai shanu a waya ya zo ya kwashe abinsa. Idan ya saba sakaci, sai a fara faɗa wa maƙwabta abin da ya yi, gaskiya ba ƙari. Sai idan wannan bai yi ba ake kaiwa ga barazana ko kora shanun nesa. Maganar baki ita ce hukunci mafi araha da suke da shi, kuma mafi yawan lokaci ta isa.

"Amma ai haramun ne"

Wannan ita ce hujjar dattijon ofishinmu, kuma ba zan yi wasa da ita ba. Aya ta 12 a Suratul Hujurat ta kamanta giba da cin naman ɗan'uwa matacce. Babu kwatancin da ya fi wannan muni. Kuma an bayyana giba da cewa ambaton ɗan'uwanka ne da abin da yake ƙi, ko da gaskiya ne. Idan ƙarya ne, ya zama ƙazafi.

Sai dai malaman da suka tsawata a kan giba su ne kuma suka ware wuraren da ta halatta. Imam Nawawi ya lissafa guda shida a Riyadus Salihin. A ciki akwai wanda aka zalunta ya kai ƙara, akwai neman taimako don a kawar da ɓarna, akwai neman fatawa, akwai kuma gargaɗin mutane daga sharrin wani, kamar idan an zo neman shawararka kan aurensa ko yin kasuwanci da shi ko ba shi ajiya. Hadisin Fatima bint Ƙais ma yana nan a Sahihu Muslim: ta zo neman shawara kan mutum biyu da suka nemi aurenta, Manzon Allah (SAW) ya gaya mata cewa ɗaya ba shi da dukiya, ɗayan kuma ba ya sauke sandarsa daga kafaɗa. Duk su biyun ba sa wurin.

Ni ba malami ba ne, ba kuma fatawa nake bayarwa ba. Abin da nake nunawa shi ne addini da kansa ya raba tsakanin mai faɗin aibin mutum don jin daɗin baki da mai faɗa don kare wani. Mu ne muka haɗe su a kalma ɗaya, muka kira duka gulma, sannan mai cuta ya samu mafaka a cikin kunyarmu. Wadda ta yi magana a ofishinmu tana cikin waɗanda aka zalunta, kuma akwai mutum na shida da ba a riga an roƙa ba.

"Ka je ka same shi mana ido da ido"

Na je. Sau uku. Ya yi min alkawari sau uku. Magana ido da ido tana iya dawo min da kuɗina, ko ta kasa, amma ba za ta taɓa kare wanda ke bayana a layi ba, domin shi bai ji ta ba.

Akwai kuma waɗanda ba su da ƙarfin tunkara. Ƙaramin ma'aikaci ba zai shiga ofishin shugaba ya ce masa kai azzalumi ne ba. Sabuwar ɗaliba ba za ta tsaya gaban malamin da ke da hannu a sakamakonta ba. Abin da ke kare irin waɗannan shi ne raɗar da wata ta yi musu: "kada ki shiga wajensa ke kaɗai." Wanda ya ce a hana wannan raɗa, ya fara gaya mana abin da zai ba su a madadinta.

Inda hujjata take da rauni

Idan na tsaya a nan na yi rashin adalci, domin gulmar da ke gargaɗi da wadda ke halaka mutum hanya ɗaya suke bi, baki zuwa kunne.

A wasan mutum huɗu ɗin nan, mai rubuta takarda ya ga abin da ya faru da idonsa, kuma ba shi da wata riba idan ya yi ƙarya, tunda ba zai sake haɗuwa da mutumin ba. A rayuwa ba haka take ba. Mai ba ka labari yana iya neman kujerar wanda yake ba ka labarinsa, ko suna son mace ɗaya. A 1963 wani masani mai suna Max Gluckman ya rubuta cewa gulma tana haɗa kan jama'a tana kuma shata iyakarsu, har ma baƙo ba shi da ikon yin gulmar 'yan gida. Shekara huɗu bayan haka Robert Paine ya mayar masa da martani cewa ai mutum ne ke gulma, ba al'umma ba, kuma yana yi ne don muradinsa. Ina ganin dukansu sun faɗi gaskiya, kuma ta Paine ce muke yawan mantawa idan labarin ya yi mana daɗi.

Abin da ya fi tayar min da hankali wani gwaji ne da Ralf Sommerfeld da abokan aikinsa suka wallafa a 2007. An nuna wa 'yan wasa ainihin abin da mutum ya yi a zagayen baya, a rubuce, sannan aka haɗa musu da abin da wani ya faɗa game da shi. Ko da hujja tana gabansu, maganar da aka faɗa ta karkatar da hukuncinsu. Muna cewa gani ya kori ji, amma ga shi ji yana ture gani. To ina ga wanda ba a ga komai nasa ba, sai ji kawai?

Ga kuma abin da ke faruwa da labari a hanya. Tun 1947 Gordon Allport da Leo Postman suka nuna cewa idan magana ta bi bakuna, tana gajarcewa, ana zubar da bayanan da ke sassauta ta, a kaifafa guda ɗaya ko biyu, a kuma lanƙwasa ta ta dace da abin da mai ji ya riga ya yi zato. "Ya jinkirta biya saboda an riƙe masa albashi" tana isa baki na huɗu a matsayin "ba ya biyan bashi." A ƙaramin rukuni akwai mai cewa a'a, ni na san shi, ba haka aka yi ba. Idan labari ya fita zuwa dubban mutanen da ba su taɓa ganinsa ba, babu mai gyarawa, babu kuma hanyar dawowa irin wadda 'yan wasan nan suka samu.

Sannan ba kowace ƙa'ida da jama'a ke karewa da baki ce mai kyau ba. Bakin da ke kunyata mai cin amana shi ne ke bin matar da aurenta ya mutu, da wanda bai samu haihuwa ba, da wanda talauci ya kama. Waɗannan ba su cuci kowa ba. Haɗin kan da ake samu a kansu na gaske ne, masu yi suna jin sun ƙara kusanci, amma da naman wani aka saye shi. Wannan ba na kare shi, kuma shi ne nake ganin ayar take nufi kai tsaye.

Saboda haka idan an kawo min maganar wani yanzu, tambayar farko da nake yi ita ce, "Kai ka gani, ko faɗa maka aka yi?" Mai gargaɗi na gaskiya yana da rana da wuri da abin da aka yi: ranar kaza ya karɓa, ya ce ƙarshen wata, yau wata biyar. Magulmaci kuwa siffa yake kawowa, "ai wane mugu ne," idan ka nemi misali sai ya ce kowa ma ya sani. Ina kuma duba ko labarin ya shafi wani abu da zan yanke shawara a kansa. Idan zan ba mutum ajiya, halinsa da kuɗi ya shafe ni. Abin da ke tsakaninsa da matarsa bai shafe ni ba, ko da gaskiya ne. Alama ta ƙarshe ita ce yadda mai maganar ke yi idan na ce, "To mu kira shi mu ji ta bakinsa." Wanda aka cuta yakan ce bismillah. Wanda ya ƙirƙira sai ya fara cewa kada a ce shi ya faɗa.

Mu biyar ɗin mun kira shi. Ita ce ma ta nace a kira shi, ita da aka ce tana gulma. Ya zo ya zauna, ya ga mu duka a wuri ɗaya, bai musa ko ɗaya ba. Aka tsara zai riƙa biya kaɗan-kaɗan duk wata, a fara da wanda ya fi daɗewa yana jira. Biyu sun samu nasu cikakke, nawa ya rage kusan rabi.

Bayan kwana biyu wani matashi da bai daɗe da fara aiki da mu ba ya same ni a bakin ƙofa. Ya ce, "Yallaɓai, ashe haka ne? Ni ma satin da ya wuce ya ce min yaronsa ba lafiya, na ce ya bari a yi albashi."

Dattijon namu har yau bai canza ra'ayi ba. Ya ce min sakamakon ya yi kyau, amma da an bi ta wata hanya. Na tambaye shi wace hanya, ya ce zai yi tunani.